Algoritim ne ke kulle mu cikin ra'ayi guda? Yadda za ki gwada da kont goma

"Salamu alaikum Malam. Ina shekarar ƙarshe a jami'a nan Tahoua, memuwar ɗina kan filta babul da eko camba ne. Wasu na cewa algoritim ya kulle mutane cikin ra'ayi guda, wasu na cewa kambama abun akai. Wanne ne gaskiya? Kuma yaya zan gwada da kaina, ordinata guda gare ni kuma ba kuɗi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komi ki raba tambayoyi uku da mutane ke cakuɗawa, don rabin gardamar da kike ji daga nan take tasowa, kowa na amsa tambaya daban yana ganin guda suke magana. Ta farko, mi mutum ke gani a wayarshi, gefe guda ne ko gauraye. Ta biyu, wa ya zaɓa mishi abun da yake ganin, na'ura ce ko shi da kanshi da abokanshi. Ta uku, ko ganin nan yana canza mishi ra'ayi. In na'ura ce ta tace miki ba ki sani ba, shi ne filta babul ɗin da Eli Pariser ya yi littafi kanshi a 2011, inda ya ba da labarin abokanshi biyu da sunka nemi kamfanin mai na BP a Google lokacin malalar man 2010, ɗaya ya samu labarin malalar ɗaya kuma labarin zuba jari. In kuwa ke kinka zaɓi zama cikin masu irin ra'ayinki kuna ta maimaita wa juna magana guda, wannan shi ne eko camba, Cass Sunstein ya yi kashedi kanshi tun 2001 ba a ma ƙirƙiro Facebook ba.

To mi bincike ya nuna? Na farko da ya kamata ki sani shi ne na Bakshy da Messing da Adamic, 2015, ma'aikatan Facebook ne su ukun lokacin, sun duba mutanen Amurka sama da miliyan 10 da sunka rubuta ɓangarensu na siyasa a shafinsu. Sun tarar algoritim yana rage labaran ɗaya ɓangaren da kamar kashi 5 cikin ɗari ga masu ra'ayin riƙau, kashi 8 ga masu sassaucin ra'ayi. Akwai tacewa kenan, amma ba katangar da ake faɗi ba ce, babban abun da ya rage labaran tun farko shi ne su wa mutum ya yi abota da su. Amma ki lura da raunin aikin, masu rubuta ɓangaren siyasarsu a fili ƴan kaɗan ne kuma ba irin sauran jama'a ba ne, sannan kamfani ne ke auna kanshi.

Wanda na fi ba nauyi shi ne na lokacin zaɓen Amurka na 2020, da anka fitar a 2023, don shi gwaji ne na gaske ba kallo kawai ba. Nyhan da abokan aikinshi sun fara aunawa, sunka ga a matsakaicin lissafi mutum kusan rabin abun da yake gani a Facebook daga masu ra'ayi irin nashi yake zuwa, kashi 15 kacal daga ɗaya ɓangaren, kuma mutum guda cikin biyar sama da kashi 75 na abun da yake gani duk na gefenshi ne. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga masu cewa abun akwai shi, kada kowa ya ce miki babu. Sai kuma sunka ɗauki mutum dubu 23 da ɗoriya da yardarsu, sunka rage wa wani rukuni cikinsu abubuwan gefensu da kusan kashi ɗaya bisa uku har wata uku. Ra'ayinsu bai motsa ba, ƙin da suke wa ɗaya jam'iyyar bai ragu ba. Ni a ganina nan ne tsakiyar zancen, tambaya ta farko amsarta e, ta uku kuma hujjarta ba ta da ƙarfi. Duk da haka wata uku ba shekara goma ba ne, kuma daga baya wasu masana sun nuna cewa a daidai lokacin kamfanin ya saka matakan gaggawa na wucin gadi a algoritim ɗin saboda zaɓe, wato Facebook ɗin da anka gwada ba shi ne na yau da kullum ba.

Akwai guda da ke ba ɗalibaina mamaki kullum. A 2018 Chris Bail da mutanenshi sun biya masu amfani da Twitter dalar Amurka 11 don su bi wani kont da ke turo musu maganganun ɗaya ɓangaren tsawon wata guda, ana zaton za su sassauto. Ƴan Rifablikan sai ma sunka ƙara riƙau, ƴan Dimokurat kuma ɗan motsin da sunka yi bai kai a kafa hujja da shi ba. Kenan fasa ƙawanyar ra'ayi guda ba lalle ya zama magani ba, wani in ya ji maganar abokin hamayya ƙara taurin kai yake. Sannan a Bosniya, aikin da anka fitar a 2021, an sa wasu sun rufe Facebook mako guda lokacin tunawa da kisan Srebrenica, waɗanda sunka rufe sai sunka fito da ƙarancin ganin mutuncin sauran ƙabilu fiye da waɗanda ba su rufe ba, musamman masu zama cikin ƴan ƙabilarsu zalla. Na fi son ki riƙe wanga na Bosniya fiye da sauran, don yana tuna mana cewa wani lokaci unguwa da dangi sun fi wayar kullewa.

Kusan duk waɗannan Amurka ce, ƙasa mai jam'iyyu biyu da kowa ya san gefenshi, kuma yawanci Facebook da Twitter. Mu nan labari murya ce a gurup ɗin WhatsApp, da rediyo, da hirar fada bayan isha'i, sai TikTok ga matasa. WhatsApp kuwa ba ya jera miki saƙonnin gurup da algoritim, abun da ƙawarki ta turo shi kike gani. TikTok shi ne akasin haka, ba sai kin bi kowa ba, shafin Pour toi na'ura ce ke cika shi baki ɗaya, kuma jaridar Wall Street Journal ta gwada shi a 2021 da kont na gwaji sama da ɗari, ta nuna tsawon lokacin da mutum ya tsaya kan bidiyo kaɗai ya isa a tura shi cikin maudu'i guda. Shi ya sa nake ba ki shawara ki tsaya kan TikTok kuma ki tsaya kan tambaya ta biyu kawai, wato rabon na'ura. Ta uku ta fi ƙarfin memuwar, tana son ɗaruruwan mutane da watanni, in kinka ce za ki auna canjin ra'ayi da mutum talatin ranar kare memuwar za a kama ki.

Yanzu aikin. Ki zaɓi maudu'i mai gefe biyu a fili wanda ba siyasa ba. Da gaske nake wannan, muna da dokar laifukan intanet ta 2019 da anka ƙara tsaurara a 2024, ba na son ordinatarki ta cika da bidiyon da za ki sha wahalar bayani a kai. Ga wanda ya dace da Tahoua, ci-rani. Akwai bidiyon da ke kwaɗaitar da tafiya Libiya ko Aljeriya, saurayi ya nuna sabon babur da gidan da ya gina, akwai kuma masu gargaɗi, wahalar hamada, kamu, waɗanda anka koro ta Assamaka. Kafin ki fara ki ɓata kwana biyu ki tattara bidiyo 100 na kowane gefe ki ajiye adireshinsu a tablo. In kin kasa samun ko 50 na gefe guda to maudu'in bai yi ba, ki canza tun da wuri.

Sai ki buɗe kont goma sababbi fil, kowane da imel ɗinshi, shekarun haihuwa guda, harshe guda, ba hoto ba abokai. Ordinata guda ta isa, a Firefox ko Chrome ki buɗe wa kowane kont furofil nashi daban don kada tarihinsu ya haɗu, kada ki yi ta fita da shiga cikin taga guda. Huɗu za su zama rukunin A masu kallon kwaɗaitarwa, huɗu rukunin B masu kallon gargaɗi, biyu kuma rukunin C ba za su kalli komi na ci-rani ba, su ne ma'auninki. Kuma ba ke za ki zaɓi wane kont ya shiga ina ba, ki rubuta lamba 1 zuwa 10 a ƴan takardu ki naɗe ki sa wani ya ɗebo.

Mi ya sa ba A guda da B guda ba, tunda shi ya fi sauƙi? Nan ne labarin BP na Pariser ke da rauni, kuma nan yawancin ɗalibai ke faɗuwa. Ki buɗe kont biyu iri ɗaya sak a minti guda ba su yi komi ba, za ki ga bidiyonsu sun bambanta, saboda na'urar kullum cikin gwaje-gwaje take kuma sababbin bidiyo na shigowa kowane daƙiƙa. In ba ki san yawan bambancin da ke tsakanin tagwaye ba, duk bambancin da kinka gani tsakanin A da B za ki ɗora wa tacewa alhali hayaniya ce kawai. Hannak da abokanshi da sunka auna Google a 2013 haka sunka yi, kowane gwaji da tagwayenshi, bayan sun cire hayaniyar abun da ya rage kamar kashi 12 ne na sakamakon nema ke bambanta tsakanin mutane, kuma inda mutum yake zaune da ko ya shiga kont ɗinshi su sunka fi tasiri.

Ranar farko, mu kira ta rana 0, ba horo. Ki shiga kowane kont ki ɗauki bidiyo 30 na farko a Pour toi, ki rubuta adireshin kowane, kuma ki ba kowane bidiyo lokaci guda, misali daƙiƙa 5 ki wuce. Wannan ƙa'idar ki riƙe ta da kyau don aunawar kanta horo ce, in wani bidiyon kokowa ya burge ki kinka tsaya kinka kalle shi har ƙarshe to kin koya wa kont ɗin abun da ba ya cikin tsari. Daga rana 1 zuwa 5, kowane kont na A da B ya kalli bidiyo 20 daga jerin gefenshi har ƙarshe, ba danna so, ba sharhi, ba turawa, kallo kawai. Dalili biyu ne, abu guda kike gwadawa, kuma bai kamata kont na gwaji ya ƙara wa bidiyon da ke jan yara hamada farin jini ba. A rana 3 da rana 6 ki sake ɗaukar 30 ɗin nan daga duka goman, a lokaci guda na yini, kina juya wanda kike farawa da shi don kada kullum A su samu safiya B su samu dare. Jimilla bidiyo 900 kenan, aiki ne amma ana iyawa. Forfe ɗin intanet shi zai ci miki kuɗi, ki lissafa shi tun farko, kuma ranar da wuta ta ɗauke ko rezo ya yanke tsakiyar aiki ki rubuta a kaye.

Sai rarrabawa, kowane bidiyo ya shiga ɗaya cikin huɗu, ba na ci-rani ba ne, na kwaɗaitarwa ne, na gargaɗi ne, ko na ci-rani ne amma ba gefe. Ki rubuta ƙa'idar kafin ki kalli ko guda, da misalai, don za ki haɗu da masu wuya, kamar wanda ke nuna kuɗin da ya samo yana kuma cewa wallahi kada kowa ya biyo ni. Ki gauraya jerin ki ɓoye lambar kont, don in kin san bidiyon daga A ya fito idonki da kanshi zai ga kwaɗaitarwa. Ki samu ƙawa mai jin Hausa da Zabarmanci da ɗan Larabci in da hali, ta rarraba guda 100 ita kaɗai ba ku yi shawara ba, sai ku kwatanta da ma'aunin kafa na Cohen, wanda ke auna dacewarku bayan an cire wadda sa'a kaɗai za ta bayar. Misali kun dace a 85 cikin 100, dacewar da sa'a kaɗai za ta bayar kuma 55 ce, to kafa ya zama 85 a cire 55, saura 30, a raba da 100 a cire 55, saura 45, wato 0.67, ba laifi. In ya faɗi ƙasa da 0.6 ƙa'idarku ce ba ta fito ba, ku gyara ku sake.

Ga kowane kont a kowace ranar awo lamba biyu za ki fitar:

```
rabo = na_cirani / 30
karkata = (kwadaitarwa - gargadi) / (kwadaitarwa + gargadi)
```

Bari in ƙaga lambobi don ki ga yadda ake karantawa, misali ne kawai ba sakamakon kowa ba. Mu ce a rana 6 kont A1 cikin 30 ya samu 18 na ci-rani, 11 kwaɗaitarwa, 5 gargaɗi, 2 ba gefe. Rabonshi 0.60, karkatarshi 6 a raba da 16, wato 0.38. Kont B1 ya samu 17, 6 kwaɗaitarwa, 9 gargaɗi, 2 ba gefe, karkatarshi −3 a raba da 15, wato −0.20. Su C biyun kuma 2 da 1 cikin 30, kusan yadda kowa yake a rana 0. Mi wannan ke faɗi? Abu biyu daban, kuma rabasu shi ne zai sa memuwar ɗinki ya fi na sauran. Ta fuskar maudu'i na'ura ta ƙuntata sosai, daga 2 zuwa 18 cikin kwana biyar. Ta fuskar gefe kuwa ta karkata amma ba ta kulle ba, tunda A1 da bai taɓa neman gargaɗi ba an kawo mishi guda 5. Kamar mai shayin da ya gane kina son shayi ne yana ta kawowa, amma bai tantance da madara ko babu ba. Ni wannan nake zaton za ki samu, don na'urar ta fi dogara da su wa sunka kalli mi da irin alamomin da ke jikin bidiyo, masu kallon labarin Libiya kuma duk biyun suke kallo, amma zato ne, gwajin shi zai yanke.

Sai tambayar ko bambancin ya wuce hayaniya. Kada ki ce ina da bidiyo 900 don haka samfurina babba ne, a'a, bidiyon kont guda ba masu zaman kansu ba ne, samfurinki kont takwas ne. Ki jera karkatar takwas ɗin, mu ce A sun samu 0.38, 0.30, 0.25, 0.10, B kuma 0.05, −0.12, −0.20, −0.30. Duk A huɗun suna sama da duk B huɗun. Hanyoyin raba kont takwas gida biyu huɗu-huɗu guda 70 ne, cikinsu 2 kawai ke ba da rabuwa tsaf irin wannan, A duka sama ko B duka sama, don haka yiwuwar sa'a ta kawo haka 2 cikin 70 ne, kamar 0.03. In B guda ya haye saman A guda sai ya koma 4 cikin 70, kusan 0.06, sai ki ce akwai alama amma ba ta tabbata ba. Kin ga dalilin huɗu-huɗu, da uku-uku kinka yi hanyoyin 20 ne kawai, ko rabuwar ta yi kyau yaya ba za ki sauka ƙasa da 0.10 ba.

Abubuwan da ke ɓata aikin ki san su. Kont goma daga adireshin intanet guda, TikTok na iya rufe wasu don ƙa'idarsu ba ta son kont na bogi, ki buɗe su a hankali cikin ƴan kwanaki ki kuma tanadi biyu na ajiya. Yana iya kuma gane cewa ordinata guda ce ya gauraya musu, alamar haka ita ce ki ga C sun fara samun bidiyon ci-rani alhali ba su kalla ba. In haka ta faru bambancin A da B raguwa zai yi, don haka in kin samu bambanci duk da haka to ya tsaya, in ba ki samu ba kuwa ba za ki iya cewa babu ba. Sannan ki buɗe shafi guda a tablonki na harshe da ƙasar mai bidiyo, don da zarar kont ya nuna yana jin Hausa da wuya ki rasa bidiyon Kano da Kaduna suna kwararowa, kuma wannan ma ƙuntatawa ce da ta cancanci sakin layi nata. In wani kont ya samu bidiyo masu gefe ƙasa da biyar, kada ki yarda da karkatarshi, guda ɗaya ya isa ya juya lambar.

Iyakar aikin kuma ki faɗe ta da bakinki kafin a tambaye ki. Kont ɗinki ba mutum ba ne, ba wanda ke kallon abu guda bidiyo 20 a jere kwana biyar ba waƙa ba wa'azi ba kokowa, kin gwada iyakar abun da na'ura za ta iya ne in an matsa mata. In kina son ɗan taɓa ɓangaren eko camba, ki ƙara ƙaramin aiki, mutum 20 zuwa 30 su rubuta mako guda duk labarin ci-rani da sunka ji, daga ina, rediyo ko gurup ko fada ko TikTok, kuma wane gefe. Da yardarsu a rubuce, ba suna ba lambar waya, kuma kada ki kwafi saƙon gurup ɗin kowa, hukumar HAPDP tana nan don kare irin waɗannan bayanai, malamin da ke duba aikinki ma ya sa hannu kan tsarin tukuna. Sai ki lissafa musu karkata da dabarar nan guda, kowace hanyar labari daban, ki ajiye ta TikTok kusa da ta gurup ɗin dangi da ta fada. Kafin ki buɗe kont ko guda ki rubuta shafi ɗaya mai ɗauke da maudu'i, ƙa'idar rarrabawa, ranakun awo, da lambar da za ki kira ƙawanya in kin gan ta, ki sa kwanan wata ki tura wa malaminki, ni ma ki turo min in duba miki ƙa'idar rarrabawar.